Yadda na daina cin bashi a watan da aiki ya yi sanyi

Alhamdulillah, rikicin kuɗin gidana ya kwanta. Ina jigilar fasinja tsakanin Daura da Katsina; watan sallah sai in tashi da naira dubu 220, damina kuwa da ƙyar dubu 120. Adashi bai magance ba, ranar zubi ba ruwanta da ciniki. Matsakaicin kuɗin wata ma yaudara ne.

Sai na buɗe littafin bara, na cire kuɗin mai da na gyara, na ɗauki wata mafi ƙaranci: dubu 120. Shi na mayar albashina, cefane da haya da kuɗin makaranta duk a cikinsa. Rarar kowane wata tana tafiya wani asusu daban marar kati, don hannu ba shi da amana. Da Agusta ya kawo dubu 105, na ciro 15 na cike.