Yadda Ake Tsara Wa Ɗalibai Aikin Binciken Farashin Kasuwa Har Zuwa Zanen Jadawali

Karo na farko da na tura ɗalibaina kasuwa su tambayo farashi, sun dawo da murna, kowane rukuni da takarda cike da lambobi. Da muka zauna haɗa lissafi sai muka tarar babu lambobi biyu da za a iya jera su wuri ɗaya. Wani ya rubuta "sabulu, 250", wata ta rubuta "sabulu, 900". Na tambaye su wane sabulu, babba ko ƙarami, guda ɗaya ko fakiti, sai kallon-kallo. Mako biyu muka ɓata a banza, kuma laifin nawa ne, domin na tura su ban gaya musu takamaiman abin da za su tambaya ba. Tun daga nan na ga malamai da yawa sun faɗa wannan ramin, shi ya sa zan fi daɗewa a kansa.

Mataki na farko: tambaya ɗaya tak

Kada ka ce wa yara "ku binciko farashin kaya". Ba su tambaya guda da lambobi za su iya amsawa. Iri biyu ne suke yin kyau. Ko dai ka tambayi bambancin wuri, wato shin kaya ɗaya ya fi tsada a ƙananan shagunan unguwa fiye da cikin babbar kasuwa, ko ka tambayi bambancin lokaci, wato shin farashinsa yana motsawa daga mako zuwa mako. Ga masu farawa ni na wurin nake zaɓa, saboda cikin makonni uku farashi yana iya tsayawa cak, yara su ga kamar sun yi wahalar banza.

Mako shida ya isa: ɗaya na shiri, uku na zuwa kasuwa, ɗaya na lissafi da zane, ɗaya na gabatarwa. Rukuni kada ya wuce mutum huɗu, kaya kada su wuce biyar. Kaya biyar a shago shida, zuwa uku, lambobi 90 ke nan ga kowane rukuni, kuma wannan ma aiki ne ja.

Mataki na biyu: takardar bayanin kaya

A nan aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Kafin kowa ya taka ƙafa waje, aji ya zauna ya rubuta wa kowane kaya cikakken bayani: sunan kamfani, nauyi ko girma, da yawan da ake sayarwa a lokaci guda. Idan littafin rubutu ne, shafi nawa, bango mai tauri ko mai laushi. Idan batir ne, wane girma, kuma guda ɗaya ko biyu a haɗe. Ka kawo kayan aji da kanka, ka ajiye a kan tebur, kowa ya ɗauka ya juya ya nemo inda aka rubuta nauyin. Za ka yi mamakin yawan waɗanda ba su taɓa lura akwai rubutun ba.

A karon farko ka zaɓi kayan da suke zuwa a ƙunshe da nauyinsu a rubuce. Kayan da ake aunawa da kwano ko ake kasawa tsibi-tsibi sun fi ban sha'awa, amma kwanon wannan ba na wancan ba ne, kuma sai an sayi kayan an ɗora a sikeli kafin a san gaskiyar awon. Wannan kuɗi ne, kuma galibi daga aljihun malami yake fita. Bar shi sai zango na gaba.

Duk da haka yara za su je su tarar babu girman da aka rubuta a takarda. Shago ɗaya yana da sabulu mai giram 100, wani mai giram 150 kaɗai gare shi. Maganin wannan shi ne a koya musu mayar da kowane farashi zuwa awo ɗaya tun kafin su fita. Ga misali da lambobin da na ƙirƙira don darasi kawai. Sabulu mai giram 100 kuɗinsa 250, mai giram 150 kuma 330. Tambayi aji wanne ya fi arha, yawancinsu za su ce na 250. Sai ka sa su raba 330 da 150 su ninka da 100, su ga giram 100 na babban ya kama 220. Ashe babban ne mai sauƙi. Ka ba su irin wannan lissafi biyar ko shida su yi a aji har ya zauna musu. Duk rukunin da bai iya ba, ni ba na barin shi ya tafi kasuwa.

Saboda haka takardar da za su riƙe tana buƙatar gurabe daban-daban: kwanan wata, lambar shago, irin shagon, sunan kaya, nauyin da aka gani a jiki, guda nawa ne, farashi, sai gurbin ƙarin bayani. Gurbin farashin giram 100 a bar shi fanko, a aji za a cike shi da natsuwa. Sunan mai shago kuwa kada a rubuta, a sa masa lamba kawai, shago na 1, shago na 2. Babu ɗan kasuwar da zai so ya ji an karanta sunansa a gaban taro a matsayin wanda ya fi kowa tsada.

Akwai wata matsalar da ba a ganinta sai an yi tuntuɓe da ita. A inda ake ciniki, kaya yana da farashi biyu, wanda mai kaya ya fara faɗa da wanda yake sallamawa a kai. Idan rukuni ɗaya ya rubuta na farko, wani kuma mai baki ya taya har aka rage masa, bambancin da zai fito a zane na bakin yaran ne, ba na kasuwa ba. Sai aji ya tsayar da ɗaya. Ni farashin farko nake sa su rubuta, domin bai dace yaro ya tsaya yana tayi alhali ba saye zai yi ba. Haka nan farashin sari da na ɗai-ɗai ba sa zama a gurbi ɗaya.

Mataki na uku: gwaji kafin fita

Ka mayar da aji kasuwa na darasi guda. Ɗalibai uku su zama masu shago, ka ba su kaya masu girma daban da gangan, ka ɓoye fakiti ɗaya a ciki, sauran su zaga da takardunsu. Kurakuran da za su yi a waje duk za su bayyana a nan, inda gyara ba ya cin komai. A nan ne kuma za su koyi gaisuwa da gabatar da kai, su faɗi makarantarsu, su ce aikin aji ne, ba saye suka zo ba, su nemi izini. Wanda ya ƙi amsawa a yi masa godiya a wuce.

Izinin shugaban makaranta da na iyaye a rubuce, wannan ba sai na faɗa ba. Idan yaran ƙanana ne, babban mutum ya raka kowane rukuni. Su je rana ɗaya a kowane mako, kusan lokaci ɗaya, shagunan nan dai na farko, kuma su kauce wa lokacin da ciniki ya kankama.

Mataki na huɗu: tace lambobi

Ka karɓi takardu tun bayan zuwan farko, kada ka jira na uku. Ga abin da za ka nema. A ce rukuni ya kawo farashin sabulu mai giram 100 daga shago biyar: 220, 225, 230, 250, 900. Idan suka tara suka raba da biyar, matsakaicin zai fito 365, farashin da babu shagon da yake sayarwa a haka. Idan kuwa suka jera lambobin daga ƙarama zuwa babba suka ɗauki ta tsakiya, 230 za su samu, wadda ta fi kusa da gaskiya. Shi ya sa nake sa su lissafa duka biyun. Duk inda suka yi nisa da juna, akwai abin dubawa.

Amma kada ka bari su goge 900 ɗin don ta yi musu dabam. Su koma takarda, in ta kama su koma shagon. Sau da yawa za a tarar fakiti ne mai guda huɗu, wato 225 kowane ɗaya, kuma da an gyara matsakaicin zai dawo 230. Masu kwamfuta suna iya zuba lambobin biyar a gurabe B2 zuwa B6 a Excel ko Google Sheets su yi amfani da waɗannan, na farko don matsakaici, na biyu don lambar tsakiya:

```
=AVERAGE(B2:B6)
=MEDIAN(B2:B6)
```

Sai dai na fi son su fara yi da hannu sau ɗaya.

Mataki na biyar: zane da gabatarwa

Kwatanta shaguna ko kasuwanni, zanen sanduna. Canji daga mako zuwa mako, zanen layi. Zanen da'ira mai yanka-yanka kuwa yara suna son sa saboda launuka, amma ba shi da wuri a nan, domin aikinsa nuna yadda abu ɗaya ya kasu, farashin shaguna biyar kuma ba kason komai ba ne.

A zanen sanduna layin farashi ya fara daga sifili, babu sassauci. Nuna musu dalili a allo: zana 220 da 250 kana farawa daga 200, sandar ta biyu za ta ninka ta farko sau biyu da rabi, alhali bambancin bai kai kashi 14 cikin ɗari ba. Kowane zane ya ɗauki take da ke faɗin abin da aka gano, da awon da aka yi amfani da shi, da yawan shagunan da aka tambaya. Takarda mai gidaje-gidaje da rula da kwali sun wadatar, ba sai an buga komai ba.

Ranar gabatarwa, minti biyar ga kowane rukuni, zane biyu kacal, kuma kowa sai ya yi magana. Ka raba maki tun farkon aikin su sani: kaso mafi tsoka ga takardun bincike da lissafi, sai daidaiton zane, sai bayani. Ado ba na ba shi maki ko ɗaya. Tambayar da nake yi wa kowane rukuni a ƙarshe ita ce, idan shago shida kuka tambaya, me ya ba ku damar cewa "kasuwar nan ta fi arha"? Wanda ya gyara maganarsa ya ce "a shaguna shidan da muka je, cikin makonni ukun nan", shi nake cika wa makin bayani.