Idan ƙofar ɗakin hayarka a Maraɗi ta fara jan ka

Wannan na 'yan'uwa ne da suka tsallako ta Jibiya da Ɗan Isa suka kama haya a Maraɗi, ɗalibai ko 'yan kasuwa. Zan ɗauki matsala guda, wadda na fi gani da zarar damina ta faɗi a watan Yuni, wato ƙofar ƙarfe ko taga da ke jan mutum in ya taɓa ta, da yadda za ka kai wa mai gida maganar har ya motsa ba tare da kun ɓata ba.

Wani ƙanen abokina ɗan Dutsin-Ma ya kama ɗaki ciki da falo a unguwar Ali Ɗan Sofo. Duk rani lafiya lau. Ruwan farko da aka yi, ya fito daga wanka ba takalmi, ya kama hannun ƙofa, sai ya ji zirrr har gwiwar hannu. Maƙwabcinsa ya ce ai haka take yi duk damina, a riƙa sa tsumma. Kwana huɗu yana buɗe ƙofa da tsumma kafin ya faɗa mini.

Abin da ke faruwa ba ɓoyayye ba ne. A irin waɗannan gidaje sau da yawa ana bi da wayar fitilar waje ta jikin firam ɗin ƙofa ko ta taga. Buɗewa da rufewa na goge robar wayar har jan ƙarfen ciki ya taɓa firam. Da rani ƙasa a bushe take, ƙafarka da silifa, wutar ba ta samun hanyar wucewa ta jikinka sosai, shi ya sa ba ka ji. Da siminti ya jiƙe kuwa, kai ne hanyar. Wutar nan 220 ce, kuma babbar dizontar, makunnin nan mai yanke wutar gida da ke kusa da kwantar, wato kusa da abin da mu muke kira mita, ba dole ba ne ta faɗi don mutum ya taɓa. Wadda aka yi don kare rai ita ce mai ɗauke da rubutun 30 mA a jikinta, kuma ba kowane gidan haya ke da ita ba. Je ka duba taka.

Kafin ka kira kowa, sauke dizontar. In kwantar ɗaya ce ga gidan gaba ɗaya, zagaya ka shaida wa sauran 'yan haya dalili, don kada wani ya ga duhu ya je ya mayar da ita. Sai ka zare duk kayanka daga soket, firji da fanka da hita da caja, ka mayar da wuta, ka taɓa ƙofar da testa, sukudireban nan mai 'yar fitila, ƙafarka cikin busasshen takalmin roba. Kada ka gwada da hannu, ko da bayansa. In testa ta kama alhali ba kayanka ko ɗaya a jone, laifin na wayar gini ne. Wannan gwajin ya fi kowane tsawon bayani amfani, domin tambayar farko da mai gida zai yi ita ce, "Me ka jona?" Kuma ba laifinsa ba ne da ya tambaya. Kayanmu na Najeriya masu ƙafa uku masu kusurwa ne, soket ɗin nan kuwa na ƙafa biyu zagayayyu ne, sai ka ga yaro ya datse kan filogi ya cusa tsirarar waya da tsinken ashana. Wanda ya yi haka ya zubar da hujjarsa tun kafin ya buɗe baki.

Ka san kuma wa za ka kira. Aikin Nijelek, kamfanin wutar Nijar, ya tsaya ne a wayar da ta taho daga fal-waya zuwa kwantar. Abin da ya shige cikin gida na mai gida ne. In ka ga hayaƙi ko wuta ta kama, wannan ba maganar mai gida ba ce kuma, sauke dizontar ka buga 18, lambar 'yan kwana-kwana, kuma kada ka watsa ruwa kafin a yanke wutar.

Yanzu ga maganar kanta. Yaron nan ya fara nuna mini saƙon da ya rubuta: wai Alhaji mai gidan yana so ya kashe shi, wai zai kai ƙara kwamisariya, wato ofishin 'yan sanda. Na ce goge. Mutumin Maraɗi, musamman dattijo, in ka fara masa da barazana, ya daina jin zancen waya, ya koma zancen rashin kunyarka. Akasin haka ma ba ya aiki. Wanda ya ce "akwai 'yar matsala kaɗan, in an samu lokaci" zai sha "in sha Allah" har kaka. Ga abin da muka tura da murya, haɗe da hoton testa tana ci a jikin ƙofa:

"Assalamu alaikum, Baba Alhaji, ina yini, ya iyali? Ɗanka ne na ɗakin kusa da zaure. Ƙofar ɗakin tana jan mutum tun ruwan ranar Lahadi. Na zare kayana duka, na gwada da testa, har yanzu da wuta a jikinta. Na sauke dizontar, gidan duka muna cikin duhu, don yaran maƙwabta suna wasa a bakin ƙofar nan ba takalmi. Ina roƙo a turo mai gyaran wuta yau ko gobe da safe. In naka ba ya kusa, ka yi mini izini in kira wani, in faɗa maka kuɗin kafin ya fara, a cire a kuɗin wata."

Duba abin da ke ciki. Akwai rana, akwai gwajin da aka yi, akwai wanda ke cikin haɗari, akwai lokacin da ake so, akwai kuma mafita da ba za ta sa shi fitowa cikin rana ba. Ba a ɗora wa kowa laifi ba. Zancen yaran shi ne nauyin saƙon, kuma gaskiya ne, ba ƙari aka yi ba. Ka tura da murya domin ba kowane dattijo ke karanta boko ba, amma ka bi da rubutu gajere don ya zauna a waya.

Alhaji bai amsa ba har la'asar. Bayan magariba yaron ya je ƙofar gidansa tare da dillalin da ya sama masa ɗakin, ya durƙusa ya gaida shi, ya maimaita maganar. Nan take ya ce a kira mai gyara. Da bai yi ba, mataki na gaba shi ne mai unguwa, ba 'yan sanda ba. Kada kuma ka riƙe kuɗin haya da kanka don fushi, sai da yardarsa a gaban shaida ko a cikin saƙo.



Mai gyara ya gano wayar a saman firam, ta goge wajen tsawon ɗan yatsa. Ya so ya naɗe ta da salatif ya tafi, muka ce a'a, a canja wayar a sa ta cikin bututun roba nesa da ƙarfe. Ya ce aiki da kaya jika huɗu da ɗari. Yaron ya lissafa sefa 4,100, sai na tuna masa cewa a nan da dala ake ƙirga, dala ɗaya sefa biyar ce, ɗari na nufin 500, kuɗin 4,500 ke nan. Ya sa mai gyaran ya rubuta adadin a takarda, ya ɗauki hotonta ya tura wa Alhaji kafin ya biya, sannan aka mayar da dizontar aka sake ɗora testa a ƙofar, ba ta kama ba.