Kurakuran da aka fi yi wajen karanta zanen ROC da lambar AUC

Wanda ya horar da samfurin gano damfara a hada-hadar banki, ya ga AUC, wato faɗin da ke ƙarƙashin zanen ROC da ake auna samfuri da shi, ya ba shi 0.95, abin da ya fi saurin fitowa daga bakinsa shi ne "samfurina yana yin daidai kashi 95 cikin ɗari". Wannan ne kuskure na farko, kuma kusan duk sauran daga cikinsa suke tsirowa.

AUC ba ya ƙirga sau nawa aka yi daidai. Tambaya ɗaya tak yake amsawa: idan ka rufe ido ka zaro hada-hadar damfara guda da ta gaskiya guda, sau nawa samfurin zai ba ta damfarar maki mafi girma? Masu bincike Hanley da McNeil sun yi bayanin wannan ma'ana a 1982, suna magana a kan hotunan asibiti. Ana iya gwada ta da biro da takarda. A ce muna da damfara uku da samfurin ya ba su maki 0.9, 0.7 da 0.4, sai na gaskiya huɗu masu 0.8, 0.6, 0.3 da 0.1. Idan aka kara kowace damfara da kowace ta gaskiya, karawa 12 ke nan. Mai 0.9 ta doke duka huɗun. Mai 0.7 ta doke uku, 0.8 ta fi ƙarfinta. Mai 0.4 ta doke biyu kawai. Tara cikin 12, wato AUC na 0.75. Idan an yi kunnen doki, rabin maki ake bayarwa.

Yanzu raba kowane maki da goma: 0.09, 0.07, 0.04, haka har ƙarshe. Jerin bai sauya ba, don haka AUC yana nan daram a 0.75. Amma idan ka ce duk abin da ya haura 0.5 damfara ne, ko ɗaya ba za ka kama ba. Shi ya sa bai dace a kafa hujja da AUC a ce makin 0.8 yana nufin yiwuwar damfara kashi 80 ba. Wannan magana ce daban, kuma gwajinta daban: ka tattara duk waɗanda suka samu kusan 0.8, ka duba ko takwas cikin goma ne suka tabbata damfara.

Akwai wani kuskuren da yake ɓuya cikin layi ɗaya na lissafi, kuma manhajar ba za ta yi ƙorafi ba. Zanen ROC yana fitowa ne ta hanyar matsar da iyakar maki daga sama zuwa ƙasa, a kowane mataki a saka ɗigo: a tsaye TPR, kason damfarar da aka kama; a kwance FPR, kason masu gaskiyar da aka zarga. Don haka makin kansa ake buƙata, ba hukuncin ƙarshe ba.

```python
roc_auc_score(y_test, model.predict(X_test))
roc_auc_score(y_test, model.predict_proba(X_test)[:, 1])
```

Layin farko ya riga ya yanke hukunci, sifili ko ɗaya, kafin a zana komai. Na biyun ne daidai. A misalinmu, iyakar 0.5 tana kama damfara biyu cikin uku, ta zargi masu gaskiya biyu cikin huɗu, sai layin farko ya ba ka 0.58 maimakon 0.75. Gane shi ba wuya: in ka ga zanen ya zama miƙaƙƙun layi biyu da gwiwa ɗaya a tsakani, to hukunci ka ba shi, ba maki ba. In kuma AUC ya faɗo can ƙasa da 0.5, kamar 0.25, kar ka yi gaggawar zubar da samfurin. Yawanci an juya alamomin damfara da na gaskiya ne, ko an ɗauki `[:, 0]` a maimakon `[:, 1]`. Gyara shi, 0.25 ta koma 0.75.

Wanda ya fi cin mutane kuwa, kuma a ganina ya fi kowanne tsada, shi ne mantawa da cewa damfara ba ta da yawa. A ce cikin hada-hada 10,000 ta yini guda, 100 ce ta damfara, 9,900 ta gaskiya. Ka duba zanen, ka ga wani ɗigo mai TPR na 0.90 da FPR na 0.05, can kusa da kusurwar sama ta hagu inda kowa yake so. Ido ya ƙoshi. To mu mayar da shi mutane. Cikin damfara 100 an kama 90. Cikin masu gaskiya 9,900, kashi biyar cikin ɗari shi ne 495. Ke nan ƙararrawa ta kaɗa sau 585, kuma 90 ce kacal ta gaskiya, kusan kashi 15 cikin ɗari. Ma'aikacin da ke bin su ɗaya bayan ɗaya zai buɗe shida ko bakwai kafin ya samu ɗaya, kuma a cikin 495 ɗin nan akwai wanda yake tsaye a gaban mai shago an riƙe masa kuɗi babu gaira babu dalili.

Zanen bai yi ƙarya ba. TPR a cikin 'yan damfara kaɗai ake lissafa shi, FPR kuma a cikin masu gaskiya kaɗai, saboda haka babu ruwan ROC da yawan wannan ko ƙarancin wancan. Wannan alheri ne idan ana kwatanta samfura, amma yana rufe ido ga nauyin aiki. Maganin bai fi minti biyu ba: duk ɗigon da za ka zaɓa, ninka FPR da ainihin adadin masu gaskiya, ninka TPR da adadin 'yan damfara, ka rubuta lambobin a gefe. Sannan ka zana `precision_recall_curve`, wadda take nuna wannan kashi 15 ɗin ƙarara. A kula kuma: idan an daidaita bayanan gwajin rabi da rabi, ita ma za ta yaudare ka. A bar su da yawansu na asali.

Daga nan ne ake gane abin da ya sa zaɓen samfuri da AUC kaɗai yake da haɗari. AUC yana auna faɗin da ke ƙarƙashin zanen baki ɗaya, har da yankin da FPR ya kai 0.6 ko 0.8, inda babu bankin da zai yi aiki yana zargin fiye da rabin abokan cinikinsa. A ce samfuri na ɗaya yana da 0.93, na biyu 0.91, amma layukansu sun giciye. Ofishin kuma ba zai iya ɗaukar ƙararrawar banza fiye da ɗari a yini ba, wato FPR na kusan 0.01. Idan a wannan wurin na ɗaya yana kama damfara 40 cikin 100, na biyu yana kama 60, ni na biyun zan ɗauka ba tare da wata-wata ba. Ka zuƙo gefen hagu na zanen ka kalle shi da kyau, ko ka sa `max_fpr=0.01` a cikin `roc_auc_score`, kana sane da cewa lambar da zai bayar an sake daidaita ta, ba ainihin faɗin yankin ba ne.

Shi kansa bambancin 0.93 da 0.91 ɗin sai an tambayi damfara nawa aka gwada da su. Koma kan misalin farko: da mai 0.4 ta samu 0.95, AUC zai tashi daga 9 cikin 12 zuwa 11 cikin 12, wato 0.92, saboda hada-hada guda ɗaya. Ɓangaren da ya fi ƙaranci shi ke riƙe da linzami. Tarin masu gaskiya 9,900 ba zai rufa maka asiri ba idan damfararka 100 ce. Sake zaro bayanan gwajin da ka, ana mayar da wanda aka zaro, kamar sau dubu, ka lissafa bambancin AUC na samfuran biyu kowane karo, ko ka yi gwajin DeLong na 1988, wanda ake kwatanta AUC biyu da shi. Idan bambancin yana yawo tsakanin ƙasa da sifili da samansa, wannan 0.02 ɗin bai isa ya raba gardama ba.