Yadda za ki raba shiyyoyin kai kaya ki yanke kuɗin aike daga Sakkwato

In kina sai da turaren wuta, humra ko atamfa a WhatsApp kuma oda ta fara shigo miki daga Kebbi, Gusau, Kano har Abuja, to ki daina yanke kuɗin aike da ka duk sanda kwastoma ta tambaya, nan riba take zurarewa ba ki sani ba. Ki zauna ki raba shiyya, kuma wurin rabawa abin dubawa shi ne hannu nawa kayan za su bi kafin su isa.

Da farko ki raba cikin gari gida biyu. A ce shagonki yana Mabera, to Minanata, Gawon Nama da Tudun Wada shiyya ɗaya ce, ɗan kabu-kabu ya je ya dawo. Amma Kalambaina, Kwannawa ko mazaunin dindindin na jami'ar Ɗanfodiyo wannan wata tafiya ce, in kinka ce "cikin Sakkwato kuɗi ɗaya ne" wallahi ranar da oda ta fito can ke za ki cika daga aljihunki. Ki samu ɗan kabu-kabu ɗaya ko biyu da kinka yarda da su, ku yi tsada unguwa-unguwa, ki rubuta.

Shiyya ta uku garuruwan da mota ke zuwa kai tsaye kullum, irin Birnin Kebbi, Argungu, Tambuwal, Gusau. Ta huɗu na nesa, Zariya, Kaduna, Kano, Abuja. Sai ta biyar, wadda aka fi mantawa: garin da sai an canza mota a hanya. Wannan kada ki sa mishi farashi a jeri, ki rubuta "sai an tambayi tasha", don direba biyu za ki biya kuma a wurin canjin nan ne kaya suka fi ɓata.

Yanzu lissafi, kuma misali ne, ki je tasha da kanki ki ji farashin ranar. A ce kwalin humra za shi Kano. Direba ya ce 3,000, to yawanci nan ake tsayawa a ce wa kwastoma 3,000. Ina kabu-kabun da ya kai kwalin tasha, 700? Kwali da salatif da soson da kinka naɗe kwalabe, 500, ɗan kamasho 300, kin ga mun kai 4,500. Ki sa 5,000, ɗari biyar ɗin sama ita za ta tare ki ranar da mai ya tashi ko anka ce sai motar gobe. In kin tsai da ranar aike, a ce Litinin da Alhamis, kwali uku su tafi kan babur guda, 700 ɗin nan ta rabu uku. Sannan ki fayyace cewa farashin na ƙaramin ƙunshi ne, don direba girman kaya yake kallo, turmin atamfa biyu da gana-masgo cike ba kuɗinsu ɗaya ba.

Sai maganar karɓa, ki faɗa ƙarara tun kafin a biya: kuɗin nan tasha zuwa tasha ne, ba ƙofar gida ba. Rigimar da ake yi da kwastoma galibi nan take, ita tana gida tana jiran sallama shi direba yana tasha yana kiran waya ba a ɗauka, ƙarshe ya bar kayan a ofishin yuniyon a fara lissafin kuɗin ajiya. Da kin ba da kaya ki tura mata hoton kwalin, lambar mota, lambar direba da sunan tashar da zai sauka, don Kano ba tasha ɗaya gare ta ba. Ki karɓi lamba ta biyu, ta miji ko ƙane, ki rubuta duka a jikin kwalin da maka. Mai zuwa shago ta ɗauka da kanta kyauta ne, amma ki sa lokaci, kuma in yaro za ta aiko sai ya faɗi lambar oda kafin ki miƙa.

In kina da shago a intanet kan WooCommerce, a Shipping zones ake jera su, kowace shiyya ki ba ta Flat rate, sannan ki kunna Local pickup don masu zuwa shago su ɗauka da kansu. Shi daga sama yake dubawa ya ɗauki shiyyar farko da ta dace da adireshin, don haka Sokoto a sama, Nigeria gaba ɗaya a ƙasa. Kuma ki lura da jiha yake aiki, mai oda daga Illela da ta Mabera duk Sokoto zai gani, sai ki sa Flat rate daban-daban cikin shiyyar da sunan wuri a kan kowane, kuma ki duba adireshin da idonki kafin ki kira ɗan kabu-kabu.