Darasi na Bakwai: Lissafin Kwanan Baƙin Taro

Idan ƙungiyarku ta kira taro a Legas, aka ɗora muku nauyin tarbar wakilai da saukar da su, ku fara da sanin cewa otal da dare yake lissafi. Taro na iya zama na kwana biyu, amma wani baƙon dare huɗu zai yi, wani dare ɗaya. A nan kuɗin ƙungiya yake zurarewa, a nan kuma ake barin dattijo zaune a kan jakarsa yana jiran ɗaki. Abin kunya ne ga mai masauki, kuma da takarda da biro ake maganinsa.

Ku sami littafi mai layi, ku ba kowane baƙo layinsa shi kaɗai. Kada ku rubuta "mutanen Kano" a dunƙule, domin a cikinsu akwai mata, akwai kuma wanda zai riga sauran komawa. A layin ku sa sunansa, garinsu, lambar wayarsa, abin da zai hau, ranar da zai iso da lokacin, sai ranar tafiyarsa. A gefen dama ku ja gidaje, gida ɗaya ga kowane dare. Duk daren da baƙo zai kwana a hannunku, ku ɗiga alama a gidan.

Yawancin otal-otal da ƙarfe 12 na rana suke karɓar ɗaki daga wanda ya kwana, su share, su ba sabon baƙo wajen ƙarfe 2. Saboda haka wanda motarsa ta iso da asubar Juma'a, in har yana son ya shiga ɗaki nan take, daren Alhamis za a biya masa, ko da bai ga Alhamis ɗin a Legas ba. Wannan ya fi shafar 'yan uwanmu na Arewa, don daga Kano zuwa Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, Sakkwato ma haka, kuma babbar mota ba ta da tsayayyen lokacin isowa.

Bari mu yi misali. Za a yi taro a Agege ranar Asabar da Lahadi, ana jiran wakilai 14. Maza 6 za su taso daga Sakkwato a mota, su iso da asubar Juma'a, su koma Litinin da safe. Mutum 5 za su zo daga Kano a jirgin sama ranar Juma'a da yamma, maza 3 da mata 2, su ma sai Litinin. Maza 3 kuma daga Sabon Ibadan za su hau jirgin ƙasa ranar Asabar da safe, su juya Lahadi da an tashi taro. An amince mutum biyu a ɗaki, maza daban, mata daban.

Yanzu ku bi gidajen dare ɗaya bayan ɗaya:

Daren Alhamis: Sakkwatawa 6, ɗaki 3.
Daren Juma'a: maza 9 da mata 2, ɗaki 6.
Daren Asabar: maza 12 da mata 2, ɗaki 7.
Daren Lahadi: maza 9 da mata 2, ɗaki 6.

Ku lura da daren Juma'a. Maza 9 ɗaki 5 suke ci, don na taran yana kwana shi kaɗai, gado ɗaya babu kowa. Da mutanen Ibadan suka zo, sai ɗayansu ya shiga wannan gadon, biyun da suka rage su ɗauki ɗaki guda. Shi ya sa ɗaki ɗaya kacal aka ƙara ranar Asabar. Sai dai a faɗa wa mai ɗakin tun farko cewa zai yi abokin kwana, kada a ƙwanƙwasa masa ƙofa da baƙon fuska.

Idan kuka tara 3 da 6 da 7 da 6, za ku sami 22. Da wannan adadin za ku je wurin manaja. A ce, don misali kawai, ɗaki naira 30,000 ne a dare. Kuɗin ya kama naira 660,000. Wanda ya kama ɗaki 7 na dare huɗu a dunƙule zai biya naira 840,000, ya zubar da 180,000 a kan ɗakunan da ba mai kwana. Wanda kuma ya ce ai taron kwana biyu ne, ya lissafa ɗaki 7 sau biyu, naira 420,000 zai nema wurin ma'aji, ranar biya ya tarar da giɓin 240,000. A ganina na biyun ya fi muni, don a gaban baƙi ake gano shi.

Wasu kan so a rage kuɗin daren Alhamis, su ce Sakkwatawa su jira a masallaci har rana ta yi. In matasa ne, ana iya kama ɗaki ɗaya su yi wanka su ajiye kaya. In akwai dattijo ko mara lafiya, ku biya daren. Mutumin da ya kwana zaune a mota ba a ce masa ya ƙara jira.

Kada ku ba da kafin alƙalami sai kun je otal ɗin da ƙafarku. Ku murɗa famfo ku ga ruwa, ku tambayi awa nawa ake kunna janareto, ku tambaya ko haraji yana cikin farashin da aka faɗa. Rasit ɗin ya nuna yawan ɗakin kowane dare, ba jimla kaɗai ba. Ku kuma roƙi wurin ajiye kayan mutanen Ibadan ranar Lahadi, tunda ɗakinsu zai fita daga hannunsu da ƙarfe 12 alhali taro bai tashi ba.

Saura tarba. Kowane ayari a ba shi mutum ɗaya da zai tarbe shi, a rubuta wa baƙin lambarsa a takarda, don waya takan mutu a hanya. Mai tarbar 'yan mota ba ya zuwa tasha ya zauna tun dare. Ya ce wa jagoransu, "Alhaji, don Allah ku tambayi direba a wace tasha zai sauke ku, kuma da kun wuce Ibadan ku kira ni, in kun iso Berger ku sake kira." Kiran farko na shiri ne, na biyu na fita.

Filin jirgin Murtala Muhammed yana Ikeja, ba nisa da Agege, amma jiragen cikin gida ba a gini ɗaya suke sauke fasinja ba. Ku tambayi sunan kamfanin jirgin, ku tabbatar da ginin kafin direba ya tashi, ya kuma fita da wuri saboda cunkoson yammacin Juma'a. In akwai hali, mace ta bi motar don ta karɓi matan. Su kuma 'yan jirgin ƙasa a gaya musu su sauka a tashar Agege. In suka zarce Ebute Metta, sai an ratsa gari an dawo da su, ƙila an buɗe taro ba su.

Aikin gida: da yammacin Alhamis wata Hajiya daga Kaduna ta bugo waya cewa za ta iso Asabar da safe, ta koma Litinin. Ku ba ta layi a littafinku, ku ɗiga alamar dararenta. Ɗaki nawa ake buƙata yanzu a daren Asabar da daren Lahadi, kuma nawa za ku ƙara nema wurin ma'aji?