Gwada fiyus, kwan lantarki da waya da mita

Da farko ka zare kayan daga wuta, domin mita, wato na'urar awon lantarki da ake kira multimeter, da batirinta take wannan gwajin. Sa baƙar waya a ramin COM, ja a na VΩ, ka murɗa zuwa alamar ƙara. Haɗa bakin tsinkayen wayoyin biyu: in ta yi ƙara, mitar lafiya lau.

Fiyus: cire shi, taɓa kan nan da wancan. Shiru na nufin ya ƙone.

Kwan mai zare: taɓa ƙafafunsa biyu. Na wat 60 yakan nuna wajen om 70, wato ma'aunin tirjiyar wuta, ba tare da ƙara ba, kuma lafiyarsa ƙalau. OL a fuskar mita ne alamar tsinkewar zaren. Kwan LED kam, wannan gwajin ba ya gano matsalarsa.

Wayar jona wuta: kunna makunninta, taɓa ƙafar filogi ɗaya da raminta a soket ɗin wayar, ɗaya bayan ɗaya. Riƙa lanƙwasa wayar kusa da filogi. Ƙara mai yankewa na nuna ta karye a ciki.