Saka inbois na kayan aiki a rajistar kadarori: wuraren da ake yawan kwafsawa

Abin da ya fi kayar da masu cike rajistar kadarori shi ne sauri. Mutum ya buɗe inbois ɗin da aka yi sikanin, idonsa ya zarce can ƙasa kan jimla, ya kwafo ta, ya ɗauko kwanan watan da ke sama ya manna, a gidan raguwar daraja ya rubuta 20%, shikenan wai an gama. To duka ukun nan na iya zama ba daidai ba, kuma ba ranar za a gane ba, sai odita ya zo ƙarshen shekara.

Mu ɗauki inbois ɗin janareta guda ɗaya mu bi shi, alƙaluman na misali ne. Janaretan 500,000, an yi rangwamen 20,000, kuɗin dako 15,000, kafawa da gwaji 25,000, kwangilar sabis na shekara ɗaya 30,000, koya wa ma'aikata yadda ake tayar da shi 10,000. Ya zama 560,000. Sai layin VAT, mu ce kashi 10 cikin 100 don lissafi ya yi sauƙi, 56,000. Jimlar ƙasa 616,000.

Wannan 616,000 ɗin bashin da mai kaya yake bin ku ne, ba shi ne kuɗin kadarar ba. Ƙa'idar IAS 16, wato ƙa'idar akanta ta duniya kan kadarori irin su injina da gine-gine, ta ce kuɗin kadara shi ne farashin saye bayan an cire rangwame, haɗe da abin da aka kashe kai tsaye don kai ta wurin aikinta a sa ta cikin halin da za ta iya aiki. Kenan 480,000 da dako da kafawa, 520,000. Sabis ba ya ciki, kuɗin kula da inji ne da aka biya tun kafin a ci moriyarsa, sai a riƙa fitar da shi wata wata har shekarar ta cika. Kuɗin koyarwa ma waje yake, kashewa ce ta yau da kullum, kuma wannan mutane suna gardama a kai sosai, suna cewa ai ba don janaretan ba da ba a biya ba. Gaskiya ne, amma janaretan a shirye yake ko an koya ko ba a koya ba, kuma ma'aikacin na iya barin aiki gobe ya tafi da abin da ya koya.

Haraji kuwa sai ka tambayi kanka, kamfanin zai iya karɓo shi daga hukumar haraji ko a'a? In zai iya, ba ya shiga rajista kwata-kwata. In ba zai iya ba sai ya shiga, amma ba duka 56,000 ba, rabon da ya hau kan 520,000 kawai, wato 52,000, kadarar ta koma 572,000. A misalin nan mun ɗauka ana karɓowa.

Akwai kuma kuskuren ta ɗaya ɓangaren, inda dako ko kuɗin kwastan ya zo a wata takarda daban daga wani kamfani, sai a jefa shi cikin kashewar wata, kadarar ta shiga da kuɗin da bai kai ba. Kafin ka rufe layin, tambayi masu sayayya ko akwai wata takarda da ta shafi wannan kayan.

Yanzu kwanan wata. A saman inbois an rubuta 03/04/2024. 3 ga Afrilu ne ko 4 ga Maris? Ya danganta da tsarin rubutun mai kayan, wasu suna fara rana wasu suna fara wata, kuma Excel zai karanta shi yadda aka saita kwamfutar ba tare da ya yi maka ko tari ba. Duba takardar kawo kaya ko wani inbois nasu da ranarsa ta wuce 12, nan take za ka gane tsarinsu. A namu 3 ga Afrilu ne.

Amma ko ka karanta daidai, ba daga ranar inbois ake fara lissafin raguwar daraja ba, ba kuma daga ranar biya ba, balle ranar da aka yi sikanin wadda wasu suke kwafowa daga sunan fayil. Ana farawa ne lokacin da kayan ya zama a shirye don amfani. Janaretan nan ya iso cikin Afrilu ya zauna a akwatinsa, sai 1 ga Yuli aka gama kafawa da gwaji. Don haka rajista tana son gida biyu, ranar saye da ranar da ya zama a shirye, ta biyun kuma hujjarta takardar miƙa aiki ce daga wanda ya kafa. Ka lura, a shirye aka ce. Da an kafa shi an gwada amma ba a buƙaci kunna shi ba sai Satumba, lissafi na nan daga Yuli.

Sai gidan da ake rubuta 20% a wuce. Kashi 20 na me? In tsarin rabo daidai kowace shekara ne, za ka cire abin da ake sa ran samu in an sayar da shi a ƙarshe, mu ce 40,000, daga 520,000, ka raba 480,000 ɗin da ya rage gida 5, shekara 96,000, wata 8,000. A Excel ga yadda ake fitar da na shekara:

```
=SLN(520000,40000,5)
```

In kuwa tsarin cirewa daga abin da ya saura ne, cikakkiyar shekarar farko 104,000 ce, ta biyu 83,200 saboda an lissafa a kan 416,000. Kashi 20 ne duka, amsa daban. Shi ya sa sai ka rubuta tsarin, da shekarun amfani, da darajar ƙarshe, kowanne a gidansa, kuma daga rubutaccen tsarin kamfani za ka ɗauko su ba daga kanka ba. Kar kuma ka ɗauko kason da hukumar haraji ke bayarwa ka zuba a nan, wancan lissafin haraji ne, takardarsa daban.

In shekarar kuɗi tana ƙarewa a Disamba, daidai shi ne wata 6, wato 48,000. Wanda ya saka 616,000 ya fara daga Afrilu zai fito da 9,600 a wata bayan cire 40,000 ɗin, sau 9, 86,400. Kusan ninki biyu a kan kadara ɗaya tak.

Shi kansa sikanin ma ba a yarda da shi ido rufe. 1 da 7 suna kama in hoton ya dushe, 3 da 8 ma haka, maganin shi ne ka haɗa layukan da kalkuleta ka ga sun ba da jimlar ƙasa. In an rubuta 1/2 a gefe nemo shafi na biyu. In kan takardar ya ce Proforma ajiye ta, ƙiyasi ce kafin ciniki. Sannan ka bincika lambar inbois da lambar jikin injin a rajista kafin ka buɗe sabon layi, don takarda ɗaya kan zo sau biyu, ta imel da ta hannun direba, a wayi gari rajista na nuna janareta biyu alhali ɗaya ne a waje.

In ka riga ka saka ba daidai ba, kar ka goge layin ka sake a ɓoye. Shigar da gyara mai kwanan wata da dalili: fitar da 96,000 daga kuɗin kadarar, 56,000 zuwa asusun harajin da za a karɓo, 30,000 zuwa sabis, 10,000 zuwa koyarwa, ka kuma soke rarar 38,400 ta raguwar daraja. Daga nan jimlar rajista ta yi daidai da asusun kadarori na babban littafi. In kuskuren na shekarar da aka riga aka rufe ne, kai wa babban akanta, shi zai duba girmansa ya ga ko sai an gyara alƙaluman bara.